Wa Ya Bayar, Wa Ya Karɓa? Yadda Ake Gano Oksideshan da Ridakshan ta Hanyar Lissafi

Tun kafin duniya ta san akwai wani abu wai shi ilaktoron, maƙeran ƙasar nan sun iya fitar da ƙarfe daga jan dutse. Masu tonon tarihi sun nuna ana wannan sana'a a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7, a Taruga kuwa, kusa da Abuja, an tono tanderun da suka girmi na Dala da ɗaruruwan shekaru. Aikin bai sauya sosai daga wuri zuwa wuri ba. A haƙo tama, a farfasa ta, a jera ta da gawayi cikin tanderun laka, a hura wuta da zuga-zugi har ta yi jajawur, daga ƙarshe a ciro dunƙulen ƙarfe a kai maƙera. Sai dai fartanyar da aka ƙera da wannan ƙarfe, in aka yar da ita a gona ta sha ruwan damina biyu ko uku, tsatsa za ta ci ta har ta koma jan gari mai kama da tamar da aka faro da ita.

Tafiyar da ƙarfe ya yi daga tama zuwa fartanya ita masana kimiyyar sinadarai ke kira ridakshan. Komawarsa daga fartanya zuwa tsatsa kuma oksideshan ne. Ɗaya ba ya faruwa sai tare da ɗayan, shi ya sa aka haɗa su a suna guda, ridoks. Tambayar da ke ba ɗalibai wahala a aji, kuma take da amfani ga mai gyaran batir da mai jima, ita ce: in an ba mutum hulɗar sinadarai a rubuce, ta yaya zai gane wanne ya yi oksideshan, wanne ya yi ridakshan? Amsar tana cikin wani ɗan lissafi da bai wuce tarawa da ɗebewa ba.

Daga oksijin zuwa ilaktoron

A ƙarshen ƙarni na 18, Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya nuna cewa ƙonewa da tsatsa abu ɗaya ne a asali: wani abu ne ke haɗuwa da iskar oksijin. Daga nan aka ɗauki ma'ana mai sauƙi. Abin da ya sami oksijin ya yi oksideshan, abin da aka raba shi da oksijin ya yi ridakshan. Ma'anar ta yi daidai da tanderu da fartanya, amma ba ta kai ko'ina ba. Ƙarfen sodiyam yana kamawa da wuta a cikin iskar kulorin, ya bar gishirin miya, alhali babu ko ɗigon oksijin a wurin.

Bayan J. J. Thomson ya gano ilaktoron a Ingila a 1897, sai aka fara fahimtar abin da ke ƙarƙashin lamarin. Kowace ƙwayar atam tana da ilaktoron da ke kewaye da ita, kuma kowane ilaktoron yana ɗauke da cajin −1. Idan sodiyam ya gamu da kulorin, kowane atam na sodiyam yana sakin ilaktoron ɗaya, ya koma mai cajin +1, kulorin kuma ya karɓe shi ya koma mai cajin −1. Atam ɗin da ya sami caji ta wannan hanya shi ake kira ayon. Sabuwar ma'anar ke nan: rasa ilaktoron oksideshan ne, samunsa ridakshan ne. Ta kuma bayyana dalilin da ya sa ba a raba su. Ilaktoron ba ya ɓacewa, ba ya kuma fitowa daga babu. In wani ya saki, to wani ya karɓa.

Nan ma da sauran rina a kaba. A cikin iskar da gawayi ke fitarwa in ya ƙone, wato CO₂, babu ilaktoron ɗin da ya bar kabon gaba ɗaya ya koma wurin oksijin. Tarayya suke yi a kansu, illa dai oksijin ya fi ƙarfin ja, don haka ilaktoron ɗin sun fi karkata wajensa. Yaya za a ƙirga abin da ake tarayya a kai?

Sai masana suka yi yarjejeniya. Abin ya yi kama da mutum biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi sa, malamin haraji kuma ya zo ƙidaya: ba ya rubuta rabin sa ga kowannensu, sai ya rubuta shi dungum da sunan wanda ya ga igiya a hannunsa. Haka nan, duk ilaktoron ɗin da atam biyu mabambanta ke tarayya a kansu, ana lissafa su gaba ɗaya ga wanda ya fi ƙarfin ja. Cajin da kowane atam zai kasance da shi bayan wannan rabo shi ne lambar oksideshan ɗinsa. Ƙarfin jan nan kuwa an auna shi. A ma'aunin da Linus Pauling ya fitar a 1932, fulorin ne a sama da kimanin 4.0, oksijin na biye masa da kimanin 3.4, kabon na da wajen 2.5, haidirojin kuma 2.2. Ƙarafa irin su sodiyam suna can ƙasa.

Ƙa'idojin sanya lamba

Ba sai mutum ya zauna yana raba ilaktoron ɗaya bayan ɗaya ba. Wasu 'yan ƙa'idoji sun taƙaita aikin, kuma dukkansu daga wancan ma'auni suka fito.

Ta farko ita ce duk sinadarin da ke zaune shi kaɗai, bai haɗu da wani iri ba, lambarsa 0 ce. Ƙusar ƙarfe, Fe, lambarta 0. Gawayi, C, 0. Iskar oksijin, O₂, ita ma 0, domin atam biyun iri ɗaya ne, babu wanda ya fi wani ƙarfin ja. Ta biyu kuma, ayon mai atam ɗaya lambarsa ita ce cajinsa: Cu²⁺ na da +2, Cl⁻ na da −1.

Sai waɗanda ba sa sauya hali in sun shiga haɗi. Sodiyam da fotashiyam kullum +1 ne, kalsiyam da magniziyam +2, alminiyam +3, fulorin kuma −1. Haidirojin +1 ne, sai in ya haɗu da ƙarfe kai tsaye, kamar a NaH, inda shi ne ya fi ƙarfin ja, ya koma −1. Oksijin −2 ne a kusan ko'ina, in ban da wurare kaɗan da za a zo kansu.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce mabuɗin sauran. In aka tara lambobin dukkan atam ɗin da ke cikin haɗin da ba shi da caji, dole jimlar ta zama 0. In kuma ayon ne mai atam da yawa, jimlar ta yi daidai da cajinsa. Da wannan ake gano lambar duk wanda ba a sani ba: a fara sanya na sanannu, a bar ragowar ga wanda ake nema.

A ɗauki jar tama, Fe₂O₃. Oksijin uku ne, kowanne −2, jimla −6. Haɗin ba shi da caji, don haka ƙarfen biyu dole su kawo +6, kowanne +3 ke nan. A CO, oksijin ɗaya ne, −2, sai kabon ya zama +2. A CO₂ oksijin biyu sun ba da −4, kabon ya zama +4. Kabon ɗaya, lambobi uku: 0 a gawayi, +2 in ya ƙone rabi-rabi, +4 in ya ƙone ƙurmus. Iskar CO ɗin nan, mai kabon +2, ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iska ba ta ishi wutar ba, kabon ya tsaya a tsakiyar hanya.

Ga wani mai ɗan tsawo. Famanganet, garin nan mai launin shunayya da ake samu a ɗakin gwaji, KMnO₄ ne. Fotashiyam +1, oksijin huɗu −8. Ragowar da za ta mayar da jimlar 0 ita ce +7, kuma ita ce lambar manganis.

Wanda ya fi kayar da ɗalibai shi ne ayon ɗin daikuromet, Cr₂O₇²⁻. Oksijin bakwai sun ba da −14. Jimlar ba 0 za ta zama ba, −2 ce, saboda cajin ayon ɗin. Ke nan kuromiyam biyun sun kawo +12, kowanne +6. Kuskure biyu ake yi a nan. Wani ya manta da cajin, ya daidaita da 0, ya sami +7. Wani kuma ya manta ya raba biyu, ya rubuta +12. Akwai alamar da ke tona kuskuren nan da nan: kuromiyam ba ya wuce +6 a haɗe-haɗensa, don haka wanda ya sami abin da ya ɗara haka ya koma ya duba lissafinsa.

Cikin tanderu, mataki-mataki

Yanzu a koma ga tama. Gawayin da ke cin wuta a cikin tanderu yana samar da CO, ita kuma ta ratsa tamar ta yi aikin. A rubuce, hulɗar ita ce:

Fe₂O₃ + 3CO → 2Fe + 3CO₂

Matakin farko shi ne a rubuta lambar kowane atam a ɓangarori biyu na kibiyar. A hagu, ƙarfe +3 ne, kabon +2, oksijin −2. A dama, ƙarfe yana zaune shi kaɗai, don haka 0 ne. Kabon +4, oksijin yana nan a −2.

Mataki na biyu, a kwatanta. Ƙarfe ya sauko daga +3 zuwa 0. Kabon ya hau daga +2 zuwa +4. Oksijin bai motsa ba. Hukuncin ya fito: wanda lambarsa ta hau ya yi oksideshan, wanda lambarsa ta sauka ya yi ridakshan. Dalilin a bayyane yake. Tunda ilaktoron −1 ne, samunsa yana rage lamba, rasa shi kuma yana ƙara ta. Ƙarfe ya samu, kabon ya rasa.

Abin lura shi ne oksijin, wanda ido ke gani ya tashi daga jikin ƙarfe ya koma jikin kabon, shi ne kaɗai bai ci riba ba, bai yi asara ba. Ya shiga da −2, ya fita da −2.

Mataki na uku shi ne binciken lissafi, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ƙarfe biyu ne, kowanne ya sauka da 3, jimlar sauka 6. Kabon uku ne, kowanne ya hau da 2, jimlar hawa 6. Ilaktoron shida aka bayar, shida aka karɓa. In hawa da sauka ba su zo daidai ba, to ko dai an sanya wata lamba ba daidai ba, ko kuma ikweshan ɗin tun asali ba a daidaita shi ba. Wannan daidaito ne ma ya sa ake bukatar CO uku ga kowace Fe₂O₃ ɗaya. In aka mayar da shi awo, kilo 160 na tsantsar jar tama na bukatar kilo 84 na CO, ya ba da kilo 112 na ƙarfe da kilo 132 na CO₂. Tamar da ake haƙowa ba ta kai haka, domin tana gauraye da yashi da laka, kuma a tanderun gargajiya wani kaso na ƙarfen yana bin kashin maƙera ya tafi.

Akwai kuma wani abu da lissafin ke fayyacewa. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyos, tanderun laka kuwa yakan tsaya a wajen 1,200. Ke nan zafi kaɗai bai isa ya tatso ƙarfe daga dutse ba. Ilaktoron ɗin da kabon ya miƙa su ne suka mayar da tama ƙarfe tun tana daskare, shi ya sa abin da ake cirowa dunƙule ne mai ramuka, sai an yi ta dukansa a kan uwar maƙera kafin ya haɗu.

Saura sunaye biyu da ke rikita mutane. Sinadarin da ya jawo wa wani oksideshan shi ne mai karɓar ilaktoron, don haka shi kansa ridakshan ya yi. Wanda ya jawo wa wani ridakshan kuma shi ne mai bayarwa, shi kansa oksideshan ya yi. A tanderu, CO ce mai bayarwa, Fe₂O₃ ce mai karɓa. Al'adar masana ita ce a ambaci haɗin gaba ɗaya in ana maganar mai bayarwa ko mai karɓa, a ambaci atam ɗin in ana maganar wanda lambarsa ta sauya.

Inda babu oksijin da ya motsa

Gwaji mafi sauƙi da ake yi a makarantun sakandare shi ne na ƙusa da shuɗin ruwan kofa salfet, CuSO₄. A goge ƙusa da takardar yashi har ta yi fari, a tsoma ta cikin ruwan. Cikin 'yan mintuna sai a ga wani jan abu ya lulluɓe ta, kamar an shafa mata jan ƙasa. In aka bar ta ta daɗe, shuɗin ruwan zai dushe ya koma kore-kore mai haske.

Fe + CuSO₄ → FeSO₄ + Cu

Mai bin tsohuwar ma'ana zai tsaya yana kallo, domin babu wanda ya ƙaru da oksijin ko ya rasa shi. Lamba kuwa ta warware zancen cikin layi uku. Ayon ɗin salfet, SO₄²⁻, cajinsa −2 ne, don haka jan ƙarfen da ke tare da shi a hagu +2 ne, ƙarfen da ke tare da shi a dama ma +2 ne. Ƙarfe ya hau daga 0 zuwa +2, ya yi oksideshan. Jan ƙarfe ya sauko daga +2 zuwa 0, ya yi ridakshan. Jan abin da ya manne a ƙusa tsantsar jan ƙarfe ne, koren ruwan kuma ƙarfen ƙusar ne da ya narke ya shiga ciki. Duk giram 56 na ƙarfe da ya narke yana fitar da kimanin giram 64 na jan ƙarfe.

Salfet ɗin fa? Oksijin huɗu −8, jimla −2, sai salfa ta zama +6, a hagu da dama duka. Ɗan kallo ne. Wannan ya koyar da wata dabara mai rage aiki: in ayon mai atam da yawa ya shiga hulɗa ya fito yadda yake, ba sai an ɓata lokaci ana farfasa shi ba, a ɗauki cajinsa kawai a yi aiki da shi.

Irin wannan fifiko tsakanin ƙarafa ne ke kare kwanon rufi. Ana lulluɓe shi da zink, wanda ya fi ƙarfe saurin sakin ilaktoron. Ko da an karce kwanon, zink ɗin da ke kusa ne zai riƙa hawa daga 0 zuwa +2, ƙarfen ya zauna a 0. Ranar da zink ya ƙare a wani wuri, daga nan jan tabo ke farawa.

Tarkunan da ke kan hanya

Tarko na farko shi ne ɗaukar kowace hulɗa mai zafi ko kumfa a matsayin ridoks. A masana'antar siminti ana gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai wajen digiri 900, ya rabu biyu:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Ga wuta, ga iska na fita, ga oksijin a kowane haɗi. Amma kalsiyam +2 ne a farko da ƙarshe, kabon +4 ne, oksijin −2. Babu lambar da ta sauya, don haka babu ridoks. Haka abin yake in asid ya gamu da soda suka kashe juna. A ɗaya gefen, akwai alama mai saurin nuni: in aka ga sinadari yana zaune shi kaɗai a ɓangare ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma yana cikin haɗi, kusan tabbas ridoks ne, domin ya tashi daga 0 ko ya koma 0.

Tarko na biyu shi ne oksijin da ba −2 ba. Ruwan nan da ake sayarwa a kantin magani, wanda ke kumfa in ya taɓa ciwo, haidirojin feroksaid ne, H₂O₂. Haidirojin biyu sun ba da +2, don haka oksijin biyun −2 suka kawo a haɗe, kowanne −1. Dalili shi ne atam biyun na oksijin suna riƙe da juna, kuma a wannan riƙo babu mai ƙwace wa wani. Kumfar kuwa wannan ce:

2H₂O₂ → 2H₂O + O₂

Oksijin huɗu suka shiga, duk a −1. Biyu sun sauka zuwa −2 a cikin ruwa, biyu sun hau zuwa 0 a cikin iska. Sinadari ɗaya ya yi oksideshan da ridakshan a lokaci guda, shi ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Wani sinadari da ke cikin jini mai suna katales ne ke hanzarta abin, haske ma yana hanzarta shi, shi ya sa ake zuba ruwan a kwalba mai duhu. Wanda ya ɗora −2 a kan oksijin ɗin feroksaid da ka zai ƙare da haidirojin +2, abin da ba zai yiwu ba, tunda ilaktoron ɗaya tak haidirojin yake da shi.

Tarko na uku shi ne matsakaici. Amoniyam naitiret, NH₄NO₃, wanda ake yin takin zamani da shi, yana da naitirojin biyu. In aka haɗa su a lissafi ɗaya, kowanne zai fito +1, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da wannan lamba. Haɗin ayon biyu ne. A NH₄⁺, haidirojin huɗu +4, jimla +1, naitirojin −3. A NO₃⁻, oksijin uku −6, jimla −1, naitirojin +5. Don haka in haɗi ya ƙunshi ayon sanannu, a raba su kafin a fara. Baƙar tama mai maganaɗisu, Fe₃O₄, ita ma haka take. Lissafi na ba da +8/3, amma a zahiri ƙarfe ɗaya +2 ne, biyu kuma +3.

Wannan ya tuna mana da iyakar abin. Lambar oksideshan yarjejeniyar lissafi ce. Manganis ɗin famanganet ba ya ɗauke da ainihin cajin +7, kabon ɗin CO₂ ma ba ayon ba ne. Duk da haka, bambancin lamba yana da sakamako a zahiri. Kuromiyam mai +3 shi ake jeme fata da shi a masana'antu. Kuromiyam mai +6 kuwa guba ne da aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Hanyar da ake bi a rage illar gurɓataccen ruwan da ke ɗauke da shi ita ce a zuba masa mai bayar da ilaktoron, kamar ƙarfe mai +2, ya sauko da shi zuwa +3, sannan a sa shi ya kwanta a tace. Launi ma yana nuna sauyin, daga ruwan lemo zuwa kore.

Batirin mota a kan ma'auni

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, shi ne har yau ke tayar da mota, kuma irinsa ne ke riƙe wutar sola a gidaje da yawa. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne na ba da kimanin bolt 2. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu a tsome cikin ruwan asid: ɗaya na dalma zalla, Pb, ɗaya na PbO₂ mai launin ƙasa-ƙasa. Yayin da batir ke ba da wuta, abin da ke faruwa shi ne:

Pb + PbO₂ + 2H₂SO₄ → 2PbSO₄ + 2H₂O

Salfet ya shiga ya fita yadda yake, haidirojin +1 ne, oksijin −2, duk ba su motsa ba. Dalma ce kaɗai ta sauya, kuma ta hanya biyu. Ta farantin farko 0 ce. Ta faranti na biyu +4 ce, tunda oksijin biyu sun ba da −4. A dama, dukkansu sun koma PbSO₄, inda dalma take +2. Ɗaya ta hau da 2, ɗaya ta sauka da 2. Hikimar mai ƙera batir ita ce ya raba mai bayarwa da mai karɓa, ta yadda ilaktoron biyun nan ba su da hanyar wucewa sai ta cikin waya. Wucewar tasu ita ce wutar da ke juya sitata.

Ikweshan ɗin ya kuma bayyana abubuwan da mai gyaran batir ya sani da hannu. Asid yana raguwa, ruwa na ƙaruwa, don haka nauyin ruwan batir yana sauka daga kimanin 1.28 in ya cika zuwa wajen 1.12 in ya mutu, kuma shi ake aunawa da ɗan bututun gilashin nan mai roba a kai. Caji yana juya kibiyar baya: ana tilasta wa dalma mai +2 ta rabu, rabi ta koma 0, rabi ta koma +4. In kuwa aka bar batir a mace na tsawon lokaci, farin PbSO₄ ɗin yana taurara a jikin farantai har caji ya kasa mayar da shi. In cajin ya yi yawa kuma, ruwan ne ke fara rabuwa, haidirojin ya sauko daga +1 zuwa 0 ya fita a matsayin iska mai kamawa da wuta, dalilin da ya sa ba a kunna ashana kusa da batirin da ke kan caji.

Mai karatun da ke son ya gwada hannunsa zai iya ɗaukar wannan, hulɗar zink da asid da ake samar da iskar haidirojin da ita a ɗakin gwaji: Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂. Ya rubuta lambobi a ɓangarori biyu, ya nemo wanda ya hau da wanda ya sauka, ya tabbatar jimlarsu ta zo ɗaya, sannan ya duba amsa. Zink ya hau daga 0 zuwa +2, ya yi oksideshan. Haidirojin biyu sun sauko daga +1 zuwa 0, sun yi ridakshan. Kulorin ya shiga da −1, ya fita da −1.